Wata shida da sa Google Alerts ya yi mini gadin sunan sana'ata

Abin da ya sa na fara wannan aiki shi ne wani rubutu da aka yi a kan kayana, wanda ban gani ba sai bayan sati uku. Mai rubutun ma yabo ya yi, sai dai ya yi tambaya ɗaya a ƙarshe da ba a amsa masa ba, kuma a ƙasan rubutun mutum biyu sun ce da alama mun daina aiki. Tun ranar na ƙudura cewa duk inda aka ambaci sunan, wayata ta faɗa mini.

Na zaɓi Google Alerts, wanda ke aiko da saƙo idan kalmar da ka ba shi ta fito a wani sabon shafin intanet, saboda kyauta ne, kuma ba sabon abu ba ne, tun 2003 yake aiki. Ana shiga `google.com/alerts`, a rubuta kalmar da ake so a sa wa ido, a danna `Create Alert`. Wannan ba ya cin minti biyar. Wahalar tana wuri biyu: abin da za ka rubuta a akwatin, da yadda saƙon zai sa waya ta yi ƙara.

Kuskurena na farko shi ne na rubuta sunan haka kawai. Sunan sana'ata kalmomi biyu ne da kowa ke amfani da su, don haka kwana uku ina samun labaran da ba ruwansu da ni, don kawai kalmomin biyu sun fito a shafi ɗaya, wata a sama wata a ƙasa. Maganin shi ne a sa sunan tsakanin alamun zance, sai a nemi kalmomin a jere yadda aka rubuta su. Sai kuma wata matsalar ta fito: mutane ba sa rubuta suna iri ɗaya. Wani zai sa ƙugiya a harafi, wani wayarsa ba ta da ita, wani kuma ya haɗe kalmomin wuri guda. A ɗauka sunan sana'arka Ɗinkin Haske, ga yadda za ka rubuta:

```
"Ɗinkin Haske" OR "Dinkin Haske" OR "DinkinHaske" -site:example.com
```

Dole `OR` ta kasance da manyan baƙaƙe, in ba haka ba za a ɗauke ta a matsayin kalma kamar sauran. Ɓangaren ƙarshe kuwa yana cire shafinka na kanka. Sai ka sa adireshinka a madadin `example.com`. Kafin in ƙara shi, duk sanda na sa sabon kaya a shafina sai a aiko mini da albishir cewa an ambace ni, alhali ni na ambaci kaina.

A ƙarƙashin akwatin akwai `Show options`, kuma yawancin mutane ba sa buɗe shi. Abu biyu na canza a ciki. A `How often` na zaɓi `As-it-happens` maimakon sau ɗaya a rana. A `How many` kuma na koma `All results` daga `Only the best results`. Na biyun ya fi muhimmanci ga ƙaramar sana'a, domin wanda zai rubuta sunanka galibi a ƙaramin shafi yake, irin wanda ake tacewa idan an ce a kawo mafi kyau kawai. Harshe da yanki na bar su a buɗe, `Any Language` da `Any Region`, tunda sunan ba ya canzawa ko da wane harshe aka yi rubutun.

Sai batun waya, inda na fi ɓata lokaci. Google Alerts ba shi da manhajar waya tasa. Imel yake aikowa, ko ya ba ka `RSS feed`, wato jerin sakamakon da ake karantawa a wata manhaja daban. Sati guda na yi ina jiran ƙara ban ji ba, ashe saƙonnin suna zuwa, suna taruwa ne a wani ɓangaren akwatin Gmail da ba ya tayar da waya. Ga abin da na yi. A kwamfuta na buɗe Gmail, na ƙirƙiri matata, wato `filter` mai tace saƙonni, ga duk saƙon da ya fito daga `googlealerts-noreply@google.com`, na zaɓi `Apply the label` na sa wa lakabin suna "Ambato", na kuma duba `Never send it to Spam`. Daga nan na koma wayata ta Android: `Settings`, sai asusun, sai `Manage labels`, sai lakabin. A nan akwai tarko ƙarami. Sai ka fara kunna `Sync messages` kafin `Label notifications` ya yi aiki, sannan ka duba `Notify for every message`, in ba haka ba saƙo na farko ne kawai zai yi ƙara, na bayansa su shigo shiru. Na ba shi ƙara daban da ta sauran imel. Yanzu ko wayar tana aljihu na san wannan ƙarar ta lakabin "Ambato" ce.

To me ya kama a wata shidan nan? Ya kama wani shafi da ya jera masu sana'a irin tawa ya sa tsohuwar lambar wayata, na rubuta musu suka gyara. Ya kama wani da ya kwafe bayanin kayana kalma da kalma, har da sunana a ciki don bai ma karanta ba. Waɗannan biyun kaɗai sun biya ni wahalar saitin.

Amma a san iyakarsa. Abin da injin binciken Google ya gani ya shigar cikin kundinsa shi kaɗai yake kawowa. Maganar da aka yi a rukunin WhatsApp, ko rufaffen rukunin Facebook, ko asusun da mai shi ya kulle, ba zai taɓa ganinta ba, kuma ko buɗaɗɗen rubutun kafafen sada zumunta ban dogara da shi a kai ba. Haka ma `As-it-happens` yana nufin sanda aka gano shafin, wanda kan iya zama sa'o'i ko kwanaki bayan an rubuta shi. Idan kana son ka amsa ƙorafi cikin awa ɗaya, wannan ba kayan aikinka ba ne. Sharhin da kwastomomi ke rubutawa a Google Maps kuma ta `Google Business Profile` sanarwarsa ke zuwa, saitinta daban ne. Don dandalin tattaunawa na Reddit na ƙara wani mai gadin irinsa mai suna F5Bot, shi ma kyauta ne kuma imel yake aikowa, sai na yi masa matata zuwa lakabin nan guda.

Abin da ya fi damuna shi ne shiru. In sati biyu sun wuce ba ƙara, shin ba a ambace ni ba ne, ko wani abu ya lalace? Sau ɗaya hakan ta faru, ashe ni ne na kunna tsimin batir a wayar, ya hana Gmail aiki a bayan fage. Daga nan na ƙara faɗakarwa ta biyu a kan wata kalma gama-gari ta fannin sana'ata, wadda ba a wuni ba a rubuta ta ba, na sa ta `At most once a day`, tana bi ta matata ɗaya da lakabi ɗaya. Duk ranar da ba ta zo ba, na san matsalar daga wajena take, sai in duba batir da `Sync messages` kafin komai.

Ina ba mai ƙaramar sana'a shawarar ya saita shi, da sharaɗin har yanzu zai riƙa rubuta sunansa a akwatin binciken Facebook, Instagram da TikTok da hannunsa. Ni duk ranar Litinin da safe nake yin nawa, minti goma ya isa.