Littafi, waya ko banki: da me kwamitin gyaran masallaci zai riƙe lissafin alkawari?

Ranar da aka buɗe gidauniyar gyaran masallaci, lasifika takan cika da miliyoyi. Alhaji wane ya yi alkawarin dubu ɗari biyar, ƙungiyar matasa buhun siminti sittin, wani bawan Allah da bai so a faɗi sunansa ba miliyan ɗaya. A yi kabbara, a watse. Washegari ma'aji ya zauna ya ƙirga abin da ke cikin jaka, ya ga bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka faɗa ba. Na yi sakataren irin wannan kwamiti a unguwarmu, kuma abin da na koya shi ne: duk abin da za ku saya don riƙe lissafi, ku auna shi da tambaya ɗaya. Shin yana raba abin da aka faɗa da baki da abin da ya shigo hannu, kuma yana nuna wane biya ne ya sauke wane alkawari?

Mafi sauƙi shi ne babban littafi mai kwalin baya mai ƙarfi, tare da littafin rasit mai kwafi da lambobi a jere. Ana samun su a kowane shagon kayan rubutu, mai buga takardu kuma zai sa muku sunan masallaci a kan rasit ɗin. Littafi ba ya buƙatar caji, kuma dattijon da bai yarda da waya ba zai buɗe ya gani da idonsa. Amma kada a rubuta komai a shafi ɗaya. Gaban littafin na alkawura ne: kowane mai alkawari da lambarsa, adadin da ya faɗa, da ranar da ya ce zai cika. Bayan littafin na kuɗin da ya shigo ne: kwanan wata, lambar mai alkawari, lambar rasit, adadi. Wanda ke son ɓoye sadakarsa, lambarsa ta wadatar, sunan ya tsaya wurin ma'aji da liman. Aibin littafi yana bayyana ne idan masu alkawari sun haura hamsin kuma suna biya kaɗan-kaɗan; tara jimilla kowace Juma'a ya zama aiki, kuskure ya shigo. Kuma idan ya ɓata ko ruwa ya taɓa shi, shi ke nan.

Na biyu shi ne manhajar lissafi ta Excel ko Google Sheets a wayar sakatare. Tsarin ɗaya ne da na littafi, shafi biyu, sai dai na'ura ce ke tarawa. Idan a shafin alkawura lambar mutum tana layin A, abin da ya yi alkawari yana C, sannan a shafi mai suna Shiga lambar tana B, adadin da aka biya yana D, to wannan ya isa, a rubuta na farko a gidan D2, na biyu a gidan E2 na shafin alkawura:

```
D2: =SUMIF(Shiga!B:B,A2,Shiga!D:D)
E2: =C2-D2
```

Na farko yana tara duk abin da mutum ya biya, na biyu yana nuna saura. Google Sheets ya fi dacewa da kwamiti domin ana iya ba shugaba da mai binciken kuɗi damar gani ba tare da damar gyarawa ba, kuma yana ajiye tarihin wanda ya canza wani abu. Haɗarinsa shi ne yawanci mutum ɗaya ne ya iya shi. Ran da ya yi tafiya, lissafi ya tafi da shi. Shi ya sa ba na ba da shawarar a yar da rasit na takarda.

Banki kuwa ba zaɓi ba ne a madadin waɗannan, domin banki bai san alkawari ba, abin da ya shigo kawai ya sani. Amma a nan ne aka fi samun rigima. Kwamitoci da yawa sukan sanar da lambar asusun ma'aji ta kansa, saboda sauri. Ko da ma'ajin ya fi kowa amana, kuɗinsa da na masallaci za su cakuɗe, kuma idan ta Allah ta kasance, magada da kwamiti ne za su zauna rarrabewa. Asusu da sunan masallaci ya fi, da sharaɗin mutum biyu cikin uku su sa hannu kafin a fitar da ko sisi. A Najeriya bankuna kan nemi takardar rajistar amintattu ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, kafin su buɗe irin wannan asusu, don haka a fara neman ta tun kafin ranar gidauniya. Masu gudun kuɗin ruwa suna da Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, da TAJ da Lotus da suka biyo baya. Na'urar POS tana da amfani ranar taro da bayan sallar Juma'a, amma a tabbata asusun masallaci take zubawa, kuma a rubuta cajin da ake cirewa a matsayin kashewa.

Ga misali da lambobin da na zaɓa don a ga yadda abin ke tafiya. Kiyasin aiki naira miliyan 8.4 ne: sauya kwano da katako haɗe da kuɗin kafinta miliyan 5, silin da wayarin miliyan 2, wurin alwala miliyan 1.4. Ranar gidauniya aka yi alkawarin miliyan 9.2, kowa ya ce an gama. Bayan wata biyu, rasit da takardar banki suka nuna miliyan 3.9 kacal. Saura miliyan 5.3, kuma da aka duba shafin alkawura sai aka ga miliyan 3 daga ciki na mutum ɗaya ne, babban baƙon da ya zo, ya faɗa, bai sa rana ba. Ma'ana, kuɗin rufi kaɗai ya gaza da miliyan 1.1. Kwamitin da ke kallon jimillar alkawari zai sa kafinta ya kware rufi, damina ta same su da masallaci a buɗe, jama'a na salla a ƙarƙashin tamfol. Wanda ke kallon shafin shiga zai sayi kwano da katako ya ajiye, ya bi ƙananan alkawuran da ke da rana, ba zai cire ƙusa ɗaya ba sai kuɗin rufin ya cika. Sayen kaya da wuri ma yana da dalili: duk wanda ya yi gini a farkon 2024 ya ga yadda farashin siminti ya yi tsalle cikin 'yan makonni.

Buhun siminti sittin ɗin nan kada a mayar da shi kuɗi a zuba cikin jimillar hannu. A ba shi shafinsa, a rubuta ranar da ya iso sito. Ba za a biya kafinta da siminti ba.

Abubuwa biyu ne suka fi ɓata lissafi, kuma duka ana gane su idan ana zama kowane mako a gwada rasit da takardar banki. Na farko, hoton tiransifa da aka turo a waya ba shaida ba ne; kada a yanka rasit sai kuɗin ya bayyana a asusu. Na biyu, Alhaji yakan sa ɗansa ya tura daga nasa asusun, sai kuɗin ya shigo da baƙon suna, a rubuta shi a matsayin sabuwar gudummawa, alhali ana ci gaba da bin Alhaji. Wannan yana jawo ɓacin rai ƙwarai. Maganinsa a roƙi kowa ya rubuta lambarsa a wurin bayani, abin da ba a gane ba kuma a ajiye shi a jeri daban har a tambaya.

Idan masu alkawarinku ba su wuce hamsin ba, littafi da rasit da asusun masallaci sun ishe ku. Idan sun fi haka, ko akwai 'yan unguwa mazauna Legas da Abuja da ke turowa, ku ƙara Google Sheets a kai, ku koya wa mutum biyu. A allon sanarwa kuma, kowace Juma'a, a rubuta lambobi uku ba tare da suna ba: abin da aka yi alkawari, abin da ya shigo, da abin da aka kashe.