Kube ko hana-salla: zancen awon kai

Zagaya kai da tef ɗin tela, daga tsakiyar goshi, ta saman kunnuwa zuwa ƙeya. Idan ya ba da santimita 57, wato kusan inci 22 da rabi, to 22 da rabi ce lambar kuben da za ka nema a kasuwar Gusau. Kube ba ta da sassauci: rabin inci ya isa ta matse ka, ta bar zane a goshi. Kada a auna ranar aski.

Hana-salla mai maɗauri a baya kan ɗauki kai daga kusan santimita 55 zuwa 60. Sai dai maɗaurin faɗi yake gyarawa, ba zurfi ba. Mai ƙaramin kai ya tsuke ta, sai bayan ya tattare, ta sauko masa kan kunne.