Wace Takardar Duba Kaya Ta Dace da Wurin Gini? Daidaita Siminti, Rodi da Bulo da Takardar Oda

Idan motar kaya ta tsaya a bakin wurin gini, takardu biyu ne ke haɗuwa: takardar oda wadda mai gini ya aika wa dila, da takardar rakiyar kaya wadda direba ya riƙo a hannu. Ta uku, wato takardar duba kaya, ita ce mai karɓa yake cikewa da abin da idonsa ya gani, kuma irinta ce ya kamata a zaɓa tun kafin a biya kuɗi, domin ba kowace ce ke kama kowace irin tawaya ba.

Mafi sauƙi ita ce a dubi takardar direba, a ga motar a cike, a sa hannu. Wannan hanya tana da sauri, amma dila ne ya rubuta takardar, don haka abin da ta tabbatar kawai shi ne abin da ya ce ya loda. Idan ya rubuta siminti mai lambar ƙarfi 32.5 alhali an yi odar mai lamba 42.5, kaya da takardarsa za su yi daidai, kuskuren kuwa ya shige. Ban ga inda ta dace ba sai a ƙaramin sayayya da mutum ya tsaya da kansa aka loda masa.

Hanya ta biyu ita ce ƙirge, ana kwatanta adadin da aka sauke da abin da ke cikin oda, layi bayan layi. Ta uku kuwa ƙirge ne haɗe da awo, inda ake ɗibar samfur a ɗora a sikeli ko a auna da tef. Bambancin waɗannan biyun ya fi fitowa a wajen rodi, kuma a nan ne ya kamata mai saye ya tsaya da kyau.

Rodi yakan zo da tsawon mita 12, kuma ana gane nauyin kowace mita idan aka ninka kaurinsa na milimita da kansa, aka raba da 162. Rodi mai milimita 12 yana da kimanin kilo 0.888 a kowace mita, wato kusan kilo 10.66 a sanda guda, saboda haka tan ɗaya yana ɗauke da sanduna kusan 94. A ce oda ta ce tan biyu na milimita 12, mai karɓa zai sa ran sanduna 188. Yanzu a ɗauka an kawo 188 cif, amma ainihin kaurinsu milimita 11 ne, abin da ido ba ya saurin ganewa. Irin wannan sanda kilo 8.96 ce, jimillar kuwa kimanin kilo 1,684, wato an rasa fiye da kilo 300 duk da cewa ƙirge ya cika. Ba kuɗi kaɗai aka yi asara ba, domin ƙarfen da ke cikin kowace sanda ya ragu da kusan kashi 16 cikin ɗari, injiniya kuma da cikakken milimita 12 ya yi lissafin ginshiƙai da dakin, wato rufin kankare.

Idan aka juya al'amarin, sikeli shi kaɗai ma yana da makanta. Dila zai iya cika tan biyu daidai da wannan siririn rodin, babban sikelin mota ya nuna babu tawaya, amma da an ƙirga za a samu sanduna wajen 223 maimakon 188. Mai karɓa da bai san lissafin ba yana iya murna cewa an yi masa gyara, alhali wannan rarar ita ce shaidar cewa ba kaurin da aka nema aka kawo ba. Saboda haka takardar da ta dace da rodi sai ta kasance da gurbin adadi, da na tsawo, da na nauyin samfur. Hanyar da ta fi inganci ita ce a yanki mita ɗaya daga sanduna uku na ɗauri daban-daban a auna su, domin zanen da ke jikin rodi yakan ruɗar da ma'aunin kauri. Ƙa'idar ingancin rodi ta Birtaniya, wato BS 4449, ta yarda da bambancin kashi 4.5 cikin ɗari ga rodin da ya haura milimita 8, ke nan mita ɗaya da ta gaza kilo 0.848 ta fita daga abin yarda. A kuma ja tef a kan wasu sandunan, musamman waɗanda aka lanƙwasa don su shiga mota, tunda gajartar rabin mita ba ta bayyana a lanƙwasasshen rodi.

Siminti bai kai haka wuya ba. Buhu kilo 50 ne, buhu 20 ke yin tan, kuma idan 'yan dako suka jera goma-goma a kan katako, ƙirga buhu 200 ba ya ɗaukar lokaci. Abin da awo ke ƙarawa shi ne kama buhun da aka buɗe aka rage aka sake ɗinkewa, don haka a ɗauki kamar goma daga gaba da tsakiya da ƙasan lodi a ɗora a sikeli, a duba ɗinkin bakinsu. A rubuta lambar ƙarfi da ranar da aka yi shi idan an buga a jikin buhun, domin simintin da ya haura wata uku a ajiye yana bukatar gwaji kafin a sa shi a aikin da zai ɗauki nauyi. Curin da ya marmashe a tsakanin yatsu matsewar lodi ce kawai. Wanda ya ƙi fashewa kuwa danshi ya riga ya taɓa shi, kuma wurinsa a takarda shi ne gurbin kayan da aka ƙi karɓa.

A wajen bulo, rigimar takan taso ne daga fasassu. Idan aka yi odar 1,000 na inci tara, aka sauke 1,000 amma 40 sun fashe, direba zai ce ya cika, birkila kuma zai ce 960 ya samu. Dukansu ba su yi ƙarya ba. Odar ce ba ta faɗi wanda zai ɗauki asarar fashewa ba, kuma wannan magana ce da ake yankewa kafin mota ta taso. A ƙirga lafiyayyu daban, fasassu daban, a auna kaɗan a ga ko sun kai milimita 450 a tsawo da 225 a tsayi da faɗi, a dubi kaurin bangon ramukansu. Bulon da gefensa ke zubar da yashi idan aka murza da yatsa, ko dai simintinsa ya yi kaɗan ko ba a shayar da shi ruwa yadda ya kamata ba. Wannan gwaji na hannu yana fitar da mafi muni ne kawai, ainihin ƙarfin bulo sai injin matsawa na ɗakin gwaji ke iya faɗinsa.

A ganina, ƙirge zalla ya wadatar ga bulon katanga da simintin shafe daga dilan da aka saba da shi. Duk abin da zai shiga harsashi, ginshiƙi ko dakin kuwa, hanya ta uku ce ta dace da shi, ko da direba zai yi ta ƙorafin an tsayar da shi. Kowacce aka zaɓa, a rubuta tawayar a kan takardar direban kanta kafin a sa hannu, shi ma ya sa nasa, sannan a biya kuɗin abin da aka karɓa kaɗai, ragowar ya zauna a rubuce a ƙarƙashin lambar odar har sai an cike shi.