Duwai da Bade: wanne ne ƙaramin yare, kuma wane taimako kowanne zai iya samu

"Salam 'yan uwa. Ni Baduwaye ne amma a Gashuwa na tashi, kakata ce kaɗai ke yi mana yaren a gida. Wai da gaske yarenmu na cikin masu 'yan tsirarun mutane, ko dai kamar Bade yake? Kuma in haka ne wane taimako za a iya samu na zahiri, ba na fatar baki ba?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in jera maka su biyun gefe da gefe tunda kai ka kawo Bade, kuma dama 'yan gida ɗaya ne, su biyu da Ngizim na Potiskum duk reshe guda ne a cikin harsunan Cadi.

Ta fannin yawa dai eh, Duwai ƙarami ne. Ƙiyasin da ake yawo da shi bai wuce dubu goma da 'yan kai ba, a ƙauyukan gabas da Gashuwa irin su Gangawa da Dadigar, shi kuwa Bade ana maganar dubu ɗari biyu zuwa sama. Amma kar ka riƙe waɗannan alƙaluma kamar karatun allo, domin ƙidayar 2006 ba ta tambayi kowa ƙabilarsa ba balle yaren da yake yi a gida, duk lambar da ka gani hasashe ne, kuma sau da yawa 'yan ƙabila ake ƙirgawa ba masu jin yaren ba. Kai kanka za a sa ka a lissafin Duwai alhali da bakinka ka ce kaka ce kaɗai ke yi.

Shi ya sa masana ba sa tsayawa kan yawa, abin da suke dubawa yara ne. Akwai wani ma'auni da ake kira EGIDS, in yara duka na tashi da yaren yana mataki na 6a, in wasu gidaje sun fara sakinsa 6b, in iyaye na ji amma ba sa yi wa 'ya'yansu ya koma 7, in kuma sai kakanni kawai to 8a ke nan, ya kama hanyar kabari. Gidanku na Gashuwa 8a ne ƙarara, amma wannan ba ya nufin ƙauyenku haka yake. Ga yadda za ka gane da kanka ba sai wani bature ya zo ba: in ka je gida da sallah ka zaɓi gidaje 20, kar ka tambayi kowa "kana jin yare?" don kowa zai ce eh saboda kunya, ka zauna kawai ka saurari yara 'yan ƙasa da shekara goma suna wasa ko suna faɗa, da wane yare suke zagin juna. A ce ka samu gida 14 yaran na yi da Duwai, 6 sun koma Hausa, to kuna 6b, akwai rai sosai. In kuwa uwa ta yi magana da Duwai yaro ya mayar da Hausa a yawancin gidajen, ko da mutum dubu hamsin ne an shiga 7.

A nan ne ma Bade bai tsira ba duk da yawansa, ka fi ni sanin yadda Hausa ta cinye cikin garin Gashuwa. Kuma kar mu manta Auyokawa da Shirawa da Teshenawa na ƙasar Haɗeja da Katagum, yarukansu dangin Bade ne na kusa, yau mutanen na nan da garuruwansu amma yaren babu, duk Hausa suke yi, ɗan abin da ya rage sai jerin kalmomi da aka rubuta tun da can.

To batun taimako. Bade yana da abin da Duwai ba shi da shi, wato masarauta da Mai Bade, da 'yan boko masu yawa, da jama'ar da za ta cika sauraron shirin rediyo. Don haka Bade zai iya neman manyan abubuwa, a daidaita ƙa'idar rubutu a kai wa NERDC, hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, ta amince, a buga littafin firamare, a nemi fili a rediyon jiha. Nasa ciwon kan shi ne karin harshe, na yamma daban na Gashuwa daban, har sai da aikin harsunan Yobe na marigayi Farfesa Russell Schuh da Farfesa Alhaji Maina Gimba ya fitar musu da ƙamus biyu a 2004, kowane kari da nasa. Duk wanda ya ce zai koyar da Bade a aji sai ya fara amsa tambayar wane Baden, kuma wannan rigima ce da kan cinye shekaru.

Duwai kuwa gaskiya ka cire rai da gwamnati za ta sa shi a manhaja ko a horar da malamai dominsa, ba wanda zai buga littafin da kasuwarsa 'yan ƙauyuka ce. Amma ƙanƙantar tana da nata amfanin, masu ba da tallafin adana harshe irinku suke nema. Akwai ELDP da aka kafa a Landan a 2002, yanzu tana Berlin, ƙaramin tallafinsu yakan kai yuro 10,000, sai dai kuɗin na ɗaukar murya da bidiyo ne da rubutawa a ajiye a rumbunsu ELAR, ba na gina makaranta ko biyan albashi ba ne, kuma ana son ka bi ta wata cibiya kamar jami'a wadda za ta riƙe kuɗin, ga gasa mai zafi. Sannan ba daga sifiri za ku fara ba, wancan aikin na Yobe ya fitar da ƙamus ɗin Duwai da Turanci da Hausa a 2009, ka nemo shi tukuna kafin ka ɓata wata shida kana tara kalmomin da an riga an tara. In kana bincike ka riƙa haɗawa da lambar yaren, dbp ce ta Duwai, bde ta Bade.

Ni dai da ni ne kai, da kaka zan fara a makon nan. Ka ɗauke ta da waya a ɗaki mara hayaniya, a kashe fanka da janareta, wayar kusa da bakinta kamar taƙi ɗaya, ka sa manhajar ɗaukar murya a WAV, tsarin da ba ya matse sauti, kar ka yi ta saƙon muryar WhatsApp don yana matse sauti, kuma yaren nan na karin sauti ne kamar Hausa, hawa da saukar murya na canza ma'ana. Kar ka ce mata "ya ake cewa kaza", ka bar ta ta yi tatsuniya, ta faɗi yadda ake aure da, sunayen kifi da ciyayin fadama, waɗannan su ne ke fara ɓacewa. Kowane fayil ka rubuta ranar da wurin da wanda ya yi magana, ka kuma ɗauki yardarta da muryarta a farko.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne rubutawa. Na taɓa ɗaukar wani dattijo kusan awa uku ina murna, da na zauna rubutawa da fassarawa a ELAN, manhajar kwamfuta ta rubuta abin da ke cikin faifai, sai na ga minti ɗaya na cinye min kusan awa guda, har yau rabin faifan na nan ban taɓa ba kuma dattijon ya rasu, wasu kalmomin ba mai warware min su. Don haka ka ɗauki minti goma, washegari ka koma wajenta ku saurara tare tana maimaita maka a hankali kana rubutawa da fassarar Hausa a ƙasa, sai kun gama sannan ka ɗauki wani. Harafin ə zai ba ka wahala don babu shi a madannin Hausa na waya, ka sauke manhajar madannai ta Keyman ko ka kwafe shi ka ajiye, kar ka maye gurbinsa da i ko u don gobe ba za ka bambance ba.

Sai dai faifai adanawa kawai yake yi, ba ya sa yaro magana. In kana da yara ko ƙanne, ka roƙi kaka ta daina juya musu zuwa Hausa in sun yi shiru, ta aike su da yaren, ta yi musu faɗa da shi, kuma lokacin dogon hutu a tura su ƙauye gidan da ka ji yara na wasa da Duwai a cikin gidaje 20 ɗin nan.