Shekara biyu da takaful ɗin mota: abin da na biya, abin da aka biya ni, da rarar da ta dawo

Na yi shekara shida ina yi wa motata cikakkiyar inshora a wani kamfani na inshorar da aka saba, kafin na koma takaful, wato inshorar da aka tsara bisa shari'ar Musulunci, a farkon 2023. Abin da ya tunzura ni shi ne sabon farashin da NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya, ta sa daga 1 ga Janairun shekarar, inda inshorar ɓangare na uku ta motar gida, wato wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani, ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, aka kuma ce cikakkiyar inshora ba za ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota ba, ko da bayan an cire rangwame. Na ce tunda kuɗin ya yi nauyi haka, gara in sa shi inda zuciyata za ta kwanta.

Wanda yake tsammanin sauƙin farashi ya cire wannan daga ransa, domin ƙa'idar hukuma ɗaya ce ta hau kan kamfanonin biyu. An yi wa Corolla ɗina kima naira miliyan 6, na biya 300,000, daidai abin da tsohon kamfanina ya nema. Bambancin yana cikin takardar da na sa wa hannu. A tsohon tsari kuɗin da na biya ya zama na kamfani tun ranar da na biya, shi kuma ya ɗauki haɗarin motata a wuyansa, idan shekara ta wuce lafiya riba tasa ce, idan aka yi ta haɗurra asara tasa ce. Wannan ciniki na sayen abin da ba a san zai auku ko ba zai auku ba, tare da juya kuɗin a harkokin da ke da ruwa, shi ne malamai suka yi wa inkari. A takaful kuwa sunan kuɗin gudummawa, kuma an raba shi gida biyu a gabana: kashi 30 cikin 100, wato 90,000, ladan wakalci ne na kamfani saboda gudanar da aiki, sauran 210,000 kuma na ba da su tabarru'i, wato kyauta, ga asusun mahalarta, wanda daga cikinsa ake gyara motar duk wanda tsautsayi ya faɗa wa a cikinmu. Kamfani wakili ne a kan asusun, ba mai shi ba, kuma dole ya ware shi daga dukiyar masu hannun jari. Yawan ladan wakalcin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, saboda haka a nemi a gan shi a rubuce kafin a biya.

Maganar rara ita ce aka fi tallata wa mutane, ita ce kuma aka fi yi wa gurguwar fahimta. Jami'in da ya yi mini rajista ya zana mini misali a bayan takarda, kuma da shi na gane lissafin. A ɗauka motoci 1,000 ne irin tawa, kowace ta zuba 210,000, asusu ya tara miliyan 210. An biya diyyar haɗurra miliyan 140, an biya miliyan 30 ga babban kamfanin takaful da ke tsaya wa asusun idan asara ta fi ƙarfinsa, an kuma ajiye miliyan 25 saboda haɗurran da suka auku amma ba a kammala biyansu ba. Abin da ya rage miliyan 15 ne, ita ce rara. A tsarin kamfanin da nake, waɗanda ba su karɓi diyya a shekarar ba su kaɗai ake raba wa, gwargwadon abin da kowa ya zuba, don haka idan su 900 ne kowa zai tashi da abin da ya ɗan haura 16,600. Da diyyar ta kai miliyan 170, babu rarar ko sisi, sai ma giɓi, wanda masu hannun jari za su cike da bashi marar ruwa, ƙardul hasan, a riƙa cire shi daga rarar shekarun gaba kafin kowa ya sake ganin kasonsa. Ke nan tuƙinka na kirki kaɗai ba ya kawo maka rara. Sai sauran mahalarta ma sun yi hankali a hanya.

Shekarata ta farko ta wuce ba ko ƙwarzane. Rarar ba ta zo ba sai bayan wata takwas da ƙarewar yarjejeniyar, domin sai an rufe lissafin shekara, masu binciken kuɗi sun duba, majalisar malaman da ke sa ido kan kamfanin ta amince. Abin da ya shigo asusuna na banki naira 14,700 ne, bai cika kashi 5 cikin 100 na abin da na biya ba. Ba kuɗin da za a yi buri a kansa ba ne, ko tanki bai cika mini ba, amma a shekara shida da na yi a wancan ɓangaren ban taɓa ganin an dawo mini da tsabar kuɗi ba, iyaka rangwamen rashin haɗari idan na zo sabuntawa. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne saƙon kuɗin ya zo ba tare da bayanin yadda aka kai ga adadin ba. Tunda an ce asusun namu ne, ya kamata a nuna mana abin da ya shiga da abin da ya fita ba sai mun yi ta sintiri ofis ba.

A daminar 2024 na daki bayan wata mota a titin Zariya, kusa da Na'ibawa, bamba da fitilu da lagireto suka tafi. A nan ne na ga cewa wajen biyan diyya takaful da inshorar da aka saba ɗan Juma ne da ɗan Jummai. Hotuna suka nema, da lasin tuƙi, da kiyasin mai gyara, sannan suka turo injiniyansu ya duba motar ya amince da 450,000. Sai dai kuskuren da na tafka wajen sabuntawa ya fito fili. Na bar darajar motar a miliyan 6 don gudummawata kada ta ƙaru, alhali faɗuwar naira ta kai irinta miliyan 9 a kasuwa. Yarjejeniyar ta ce wanda ya rage darajar motarsa za a biya shi ne daidai kason da ya yi wa rajista, ni kuwa biyu bisa uku na yi. Aka lissafa 300,000, aka cire 30,000 na kason da mai mota yake ɗauka a kowane haɗari, aka biya 270,000 cikin mako uku, na cika 180,000 daga aljihuna. Motar da na daka kuma an gyara ta ƙarƙashin kariyar ɓangare na uku, ban ƙara ko kwabo ba.

Na yi fushi a lokacin, har na ce wa jami'in ina taimakon junan da ake faɗa. Ya amsa mini cikin ladabi cewa, Alhaji, kuɗin da kake so a ƙara maka ba na kamfani ba ne, na mutanen da suka biya gudummawa a kan cikakkiyar darajar motocinsu ne. Ban sami abin cewa ba. Rarar wannan shekara kuma ta wuce ni, tunda na karɓi diyya.

Na sabunta a 2025, wannan karon a kan miliyan 9, na biya 450,000. Kafin na bar ofishin na sa lambar motata a shafin askniid.org na ga ta fito a rumbun bayanan inshora na ƙasa, wanda jami'an hanya ke dubawa, na kuma roƙi jami'in ya rubuta mini ladan wakalcin bana da tsarin rabon rara a jikin takardar ya buga hatimi.