Na kulle wayar 'yata tsaf, baƙo ya shigo ta ƙofar aji

Wata huɗu ke nan 'yata mai shekara tara tana darasin lissafi ta Zoom, sau uku a mako, su goma sha biyu da malamarsu. Kafin ranar farko na zauna na sa wa wayar da take amfani da ita Family Link. Ba ta iya sauke wata manhaja sai na amince daga wayata, wasanni suna da iyakar lokaci, kuma da dare wayar tana kulle kanta. Na ƙara da App pinning, wato in kafe Zoom a kan allo yadda ba za ta iya fita zuwa wani wuri ba sai an sa lambar buɗe wayar. Duk wannan ya yi aiki yadda aka ce zai yi, ban da ƙorafi a kansa. Da na gama sai hankalina ya kwanta, na ɗauka na rufe duk wata kafa.

A mako na uku, ana tsakar darasi, yarinyar ta taso da wayar a hannu ta ce, "Umma, wata 'yar ajinmu tana ta tambayata lambar wayarki, kuma wai in turo mata hotona." Na karɓa na duba akwatin hira. Saƙonni huɗu ne, duk ita kaɗai aka turo wa, ba ajin gaba ɗaya ba. Sunan da ke kai sunan wata yarinya ne da na san tana ajin, amma rubutun ba na yaro ba ne. Na buɗe Participants na ƙirga. Ɗalibai goma sha biyu da malama, ya kamata in ga 13. Na ga 14. Sunan nan ya fito sau biyu, ɗaya da kyamara a kunne yarinyar tana rubutu a littafinta, ɗayan kuma baƙin fili kawai, ba hoto ba murya.

Jikina ya yi sanyi. Na kira malamar ta waya nan take, ta danna Remove ta fitar da shi. Abin da ta faɗa mini shi ne ya fi tsaya mini a rai: "Wallahi ban ga komai ba, a wajena akwatin hira babu ko saƙo ɗaya." Kuma gaskiya ta faɗa. Saƙon da mutum biyu suka yi wa juna kai tsaye a cikin taro, mai ɗakin, wato wanda ya buɗe taron, ba ya ganinsa. Family Link ma bai gani ba, domin aikinsa a bakin ƙofar manhaja yake tsayawa. Yana gaya mini minti nawa aka yi a Zoom, amma ba ya sanin wa ke ciki ko me aka rubuta.

Ranar Asabar muka zauna da malamar, muka bi sawun yadda mutumin ya shigo, kuma sai da muka gano hanyar kafin na iya barci sosai. Ajin yana da lambar sirri, shi ya sa dukanmu muka saki jiki. Ashe mahaɗin da ake turo wa iyaye yana ɗauke da lambar a jikinsa. Idan kin duba ƙarshen mahaɗin za ki ga `?pwd=` da wasu haruffa a bayansa, to wannan ita ce lambar sirrin a dunƙule. Duk wanda mahaɗin ya faɗa hannunsa ba za a tambaye shi komai ba. Mahaɗi ɗaya kuma ake ta amfani da shi tun farkon zango, domin malamar ta buɗe ajin ne da Personal Meeting ID ɗinta, lambar da ba ta sauyawa. Wani daga cikin iyaye ya tura shi wani zaure na daban don tallata darasin, da kyakkyawar niyya, daga nan ya bi duniya.

Saura Waiting Room, inda mai shiga yake jira har malama ta ba shi izini. Yana kunne. To me ya faru? A lokacin asusun malamar na kyauta ne, taro yana yankewa bayan minti 40, darasin kuwa na awa ɗaya ne. Duk ranar darasi sai kowa ya fita ya sake shigowa a tsakiya. Da farkon darasi takan duba sunaye ɗaya bayan ɗaya, amma a wannan komawar ta biyu, yara goma sha biyu suna jira, lokaci yana tafiya, sai ta danna Admit all, kowa ya shigo a lokaci ɗaya. Wanda bai shiga da asusu ba kuma yana iya rubuta duk sunan da ya ga dama a wurin shiga. Mun fi zaton ya taɓa leƙowa wata rana ya ga sunayen yaran, ya zaɓi ɗaya.

Abin ba sabo ba ne. Tun watan Maris na 2020 ofishin FBI na Boston ya yi gargaɗi kan baƙin da ke kutsawa cikin azuzuwan intanet, kuma a Afrilun wannan shekarar Zoom ya mayar da lambar sirri da Waiting Room su zo a kunne ga masu asusun kyauta. Kariyar tana nan. Mu ne muka bar mabuɗin a jikin ƙofa.

Gyaran da muka yi bai ci awa biyu ba, kuma a nan ne Zoom ya burge ni. Malamar ta shiga Settings ta burauza, domin wasu saituttukan a shafin asusu suke, ba a manhajar waya ba. Ta kashe Embed passcode in invite link for one-click join, ta buɗe sabon aji da Generate Automatically a maimakon lambarta ta dindindin. Yanzu mahaɗi daban, lambar sirri daban, ita lambar ta saƙon waya ake tura wa kowace uwa ko uba. A cikin ajin ta mayar da hira zuwa Host and co-hosts, wato yaro malama kaɗai zai iya rubuta wa, ta bar nuna allo a hannunta ita kaɗai, ta kuma cire alamar da ke kan Rename Themselves. Daga baya ta koma asusun biya, yankewar minti 40 ta ƙare, kuma ta samu damar naɗa wata daga cikinmu mataimakiya mai kula da ƙofa yayin da take koyarwa.

Na gwada da kaina. Na ɗauki wata waya na shiga da sabon mahaɗin ba tare da lambar ba, aka tsayar da ni. Na sa lambar, na tsinci kaina a ɗakin jira. Da aka shigar da ni na nemi sunan 'yata a akwatin hira don in tura mata saƙo, babu shi, sunan malama kawai. Malamar ta kuma nuna mini Suspend Participant Activities, wanda dannawa ɗaya yake kashe kyamarori da makirfo da hira da nuna allo, ya kulle ajin. Da ta san da shi a ranar nan, da ba ta tsaya neman suna a jeri ba.

Sai dai duk lokacin da na tuna, raina yana sake ɓaci, domin babu ko ɗaya daga cikin waɗannan maɓallan da ke hannuna. Duk na mai ɗakin ne. Ni uwa, daga ɓangarena, abin da zan iya shi ne in sa makirfo ya shiga a kashe, in dusashe bayan hoton don kada a ga cikin ɗakinmu, in tabbatar sunan da ke fitowa na farko ne kawai ban da na mahaifi. Idan malama ta bar hira a buɗe, ba ni da yadda zan rufe ta wa 'yata. Kuma masu shirya darasin, waɗanda suka karɓi yaranmu, ba su taɓa zaunar da malamar sun nuna mata ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Sun ba ta jerin sunaye da jadawali suka tafi. Da na yi musu magana amsar da na samu ita ce ai ajin yana da lambar sirri. Wannan amsar har yau tana ci mini rai.

Gyaran ma ya zo da nasa wahalar. Mun gwada tilasta wa kowa shiga da asusu, sai muka ci karo da ƙa'idar cewa yaron da bai kai shekara 16 ba ba ya buɗe asusun kansa, sai ta hanyar makarantar da ke da rajista. Dole yara su shiga da na iyayensu, sunayen manya suka cika ɗakin jira, malama ba ta san wane ne wane ba. Ga shi kuma asusu ba ya nuna cewa mutum ɗalibi ne, kowane baligi yana iya buɗewa. Mako ɗaya muka yi muka janye. Lock Meeting kuma, mai kulle ajin yadda ba wanda zai ƙara shiga, da muka ce a danna bayan minti biyar, ya taɓa barin 'yata a waje rabin darasi, ranar da wayar ta mutu muka sake kunnawa muka tarar ƙofa a kulle, malama tana kan bayani ba ta ga kirana ba. Ta yi kuka ranar. Yanzu mai kula da ƙofa ake kira, ta buɗe, ta shigar da yaro, ta mayar ta kulle.

Dokar da ta fi amfani a wajenmu ba a cikin Settings take ba. Kowane yaro yana shiga da sunansa na farko da lamba biyu da malama ta ba iyayensa, kuma ana sauya lambobin duk wata. Da an shigar da shi sai ya kunna kyamara ya gaida malama, ko da zai kashe daga baya saboda rashin ƙarfin sabis. Wanda bai nuna fuska ba cikin minti ɗaya ana mayar da shi ɗakin jira da Put in Waiting Room. An daina taɓa Admit all. Kafin a fara, mai kula da ƙofa tana faɗin adadin da ke ciki da baki, yau 12 ne ko 11, a kwatanta da waɗanda suka zo.

A gida kuma na cire mata abin saƙalawa a kunne, sautin darasi yana fita a fili, tana zaune inda nake jiyo ta. Na gaya mata duk wanda ya tambaye ta lamba, hoto ko inda take zaune, ko da sunan ƙawarta ne a kai, kada ta amsa, ta kawo mini wayar kamar yadda ta yi ranar nan. Zan ci gaba da barinta a ajin, kuma manhajar Zoom zan ba ta huɗu cikin biyar idan malama ta san maɓallanta. Wata mai zuwa za a fara mata darasin Turanci da wani malami, na riga na aika masa cewa ina son ganin mahaɗin, da abin da aka zaɓa a wajen hira, kafin ranar farko.