Gyaran tsohon babur ko sayen wani: a fara duba ƙasan injin

"'Yan'uwa, Boxer ɗina ya shekara 7, kuma da shi nake zuwa aiki kullum daga Samaru zuwa Tudun Wada. Sau biyu ana canza masa fistin da ring, yanzu kuma ya koma hayaƙi da shan baƙin mai. In sake gyarawa ne, ko in sayar in cika kuɗi in ɗauki mai dama-dama?"

Malam, shekarun babur ba su ne ke yanke wannan hukunci ba. Wurin da lalacewar take shi ne abin dubawa. Injin yana da sama da ƙasa. A sama akwai bulok da fistin da ring da bawul, waɗanda dama an yi su ne don su cinye a canza su. A ƙasa kuwa akwai karanshaf da konrod, wato sandar da ke haɗa karanshaf da fistin, da giya, kuma su ne ke nuna ko babur yana da sauran kwana.

Idan matsalar a sama kaɗai take, gyara ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Alamominta su ne hayaƙi mai launin shuɗi daga salansa, da fulogi mai jiƙewa da baƙin mai, da kik da ya yi laushi a ƙarƙashin ƙafa. Sai dai dawowar hayaƙin bayan gyara biyu ta sa ina zargin cewa sabon ring aka riƙa sakawa a cikin bulok da ya riga ya buɗe. A irin wannan hali ring ba ya kama bango, don haka bayan 'yan watanni man yake sake haurawa. Maganinsa shi ne a rarake bulok ɗin a sa fistin mai girma, wanda ake samu mataki-mataki daga milimita 0.25 zuwa 1.00, ko kuma a sayi bulok da fistin da ring a haɗe. A duba matatar iska ma, domin ƙurar hunturun Zariya, idan ta samu hanyar shiga, tana goge bangon bulok kamar yashi.

Idan kuwa ƙasa ta taɓu, lissafi ya canza. Ka tsaya a gaban bakanike ranar da zai cire bulok, ka ce ya kama konrod ya ja shi sama ya tura shi ƙasa. Ɗan motsi zuwa gefe ba laifi ba ne, amma ko kaɗan bai kamata ya yi wasa sama da ƙasa ba. Sannan a juye baƙin mai a roba mai tsabta a kai shi cikin rana. Idan ka ga garin ƙarfe yana ƙyalli, ko kuma kana jin ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasa, ko giya tana fita da kanta, to sai an tsaga injin gida biyu. Konrod mai wasa yana girgiza fistin, shi ya sa duk gyaran saman da aka ɗora a kansa ba ya daɗewa. Haka nan idan ƙarfen jikin babur ɗin ya tsage wajen wuya, ko yana ja gefe guda, ba zan ba ka shawarar walda ba, alhali kullum kana ratsa Kwangila tsakanin tireloli.

Game da fetur, ka auna da kanka. Ka cika tanki, ka rubuta lambar mita, ka sake cikawa bayan mako. Mu ƙaddara kana yin kilomita 30 a rana, kwana 26 a wata, wato kilomita 780. Babur mai yin kilomita 50 da lita ɗaya zai sha kusan lita 16, wanda ya koma 35 kuwa zai sha lita 22. Ka haɗa kuɗin litoci shidan nan da na ƙarin baƙin mai da na Keke Napep a ranakun da babur ke gareji, ka ninka sau 12, sai ka ajiye adadin kusa da kuɗin da za ka cika.

Sabo dal yana ba ka natsuwa ta wasu shekaru, amma farashinsa ya yi nisa tun faɗuwar darajar naira a 2023. Na hannu ya fi araha, sai dai a nan ne na fi jin tsoro, domin wanda ɗan acaɓa ya yi shekara biyu yana aiki da shi yana iya fin naka gajiya, duk da sabon fenti. Ka je da bakanikenka da safe, ka taɓa injin ka tabbatar da sanyi yake kafin a tayar, saboda inji mai zafi yana ɓoye wahalar tashi. Ka kuma gwada lambar inji da ta jikin babur da abin da ke rubuce a rasit.

A ganina, idan konrod bai yi wasa ba kuma jikin babur lafiya yake, ka gyara saman gaba ɗaya da kaya masu kyau, ka yi tafiya a hankali, ka juye baƙin mai bayan kilomita 500 na farko. Idan ya yi wasa, ka gaya wa mai saye gaskiyar halin da injin yake ciki, ka sayar tun yana tashi da kansa.